Kwas ɗin falsafa ya raba ni da Yayana, ni ma kuma zuciyata ta ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Malama, dan Allah a ɓoye sunana. Ina aji biyu a jami'a ɓangaren nazarin addinin Musulunci, wannan samistar aka sa mana kwas na falsafa da ilmul kalam. Lakcaranmu ya ce zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci, wai kusan duk hujjojin tauhidin da muke karantawa daga can suka samo asali. Yayana shi yake biya min kuɗin makaranta tun rasuwar Babanmu, ya ga handawut ɗina a falo ya karanta, ranshi ya ɓaci sosai, ya ce wannan karatun zindiƙai ne, shi ya jawo aka yi wa Imamu Ahmad bulala, ya ce ko in ajiye kwas ɗin ko ya daina biya. Kwas ɗin kuma na dole ne. Abin da ya fi damuna ban gaya wa kowa ba, tunda na karanta hujjar Ibn Sina cewa duniya ba ta da farko ta tsaya min a rai, ko a sallah sai ta faɗo min, na kasa ba kaina amsa. Ina tsoron ko imanina ya taɓu. Ya zan yi da Yaya, ya zan yi da kaina?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya saka wa Yayanki da alheri.

Bari in fara da abin da yake hana ki barci. Sahabbai da kansu sun je wa Annabi (SAW) suka ce suna jin abu a ransu wanda faɗarsa ma nauyi take musu, ya tambaye su ko da gaske sun ji hakan, suka ce eh, ya ce wannan shine tsantsar imani. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Wanda imaninsa ya tafi ba ya kwana yana tsoro a kansa. Abin da ya same ki shine an ba ki rabin muhawara ba a ba ki ɗaya rabin ba, tambayar nan kuma ta fi shekara dubu ana amsa ta, zan kawo miki amsar a ƙasa. Amma sai kin fara sanin me aka fassara da kuma dalili, don a nan ne lakcaranki da Yaya kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya saki ɗayan.

Abbasiyawa sun karɓi mulki a 750, Mansur ya kafa Bagadaza a 762, daga nan aikin fassara ya kankama ya yi wajen shekara ɗari biyu ana yi. Ba Ma'amun kaɗai ba ne kamar yanda ake yawan faɗa a wa'azi, shi ya hau mulki a 813 ya tarar ana yi, ya dai ƙara masa wuta. Halifofi, wazirai, manyan attajirai, likitoci, duk sun zuba kuɗi. Kuma mafi yawan abin da suke saye ba zancen Ubangiji ba ne, likitanci ne da lissafi da ilimin taurari, abin da daula take buƙata kenan don auna gona da karɓar haraji da duba mara lafiya. Babban mai fassarar zamanin Hunainu bin Ishaƙ, Kirista ne mutumin Hira, ya rasu a 873, kuma likita ne. Ya bar wata wasiƙa da ya lissafa littattafan Jalinus, likitan Girkawa, guda 129, kowanne ya faɗi wa ya fassara shi, zuwa Suryaniyanci ko Larabci, da ko fassarar ta yi kyau. A ciki ya ba da labarin wani littafi guda da ya bi nemansa a Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariyya, sai a Dimashƙa ya samu wajen rabinsa. Yanda yake aiki shine ya tara kwafi da yawa na littafi ɗaya ya gwama su har ya fitar da ingantacce kafin ya fassara, kuma ma'anar jimla yake bi ba kalma da kalma ba. Duk sanda na karanta wannan sai in tuna malaman hadisi da suke tafiyar wata guda saboda riwaya ɗaya, zamani ɗaya ne, gari ɗaya ne, son tabbatar da rubutu iri ɗaya ne.

Toh ta ina abin ya taɓa tauhidi? Ta ƙofar muhawara ya fara shiga. Halifa Mahdi, mahaifin Haruna Rashid, wajen shekarar 782 ya sa aka fassara masa littafin Aristo, babban malamin falsafar Girkawa, na jadali, wato dabarun kafa hujja da rusa ta abokin gardama, kuma shugaban cocin Gabas Timotawus na ɗaya ne ya tsaya kan aikin. Dalili a fili yake, Musulmi suna zaune da Kiristoci da Yahudawa da Majusawa da mabiya Mani, waɗanda sun daɗe da gogewa a gardama, in ka ce wa mutum Allah ya ce shi kuma bai yarda da Alƙur'anin ba, dole ka nemo hujjar da hankalinsa zai karɓa.

Amma lakcaranki ya zarce da ya ce kusan duka daga can ne. Gardamar ƙaddara, da hukuncin mai babban zunubi, da wa ya cancanci shugabanci, duk Musulmi sun fara su tun zamanin Umayyawa daga cikin ayoyi da rikicin siyasarsu. Wasil bin Aɗa wanda ake danganta farkon Mu'utazila gare shi ya rasu a 748, ko tubalin Bagadaza ba a aza ba. Har ma malaman kalam na farko ra'ayinsu a kan halitta kishiyar na Aristo ne, su suna cewa jiki haɗuwar ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa rabuwa, Aristo kuwa ya ƙi wannan ra'ayin. Shi ma Yaya, maganarsa a kan Imamu Ahmad tana da tushe, Ma'amun ne ya fara tilasta wa malamai cewa Alƙur'ani halitta ne a 833, aka yi wa Imamu Ahmad bulala zamanin Mu'utasim, zalunci ne kuma babu mai wanke shi. Sai dai ita maganar halittar Alƙur'ani ta girmi wannan fassarar, Jahmu bin Safwan yana faɗarta kuma an kashe shi tun 746. Abin da ya sa aka ɗaga bulala shine sarki ya ce shi zai yanke wa mutane aƙida da ƙarfin mulki.

Yanzu ga tambayarki. Akwai wani abu da ya faru wajen fassarar da ya kamata ki sani don shi ya share wa ra'ayin Ibn Sina hanya. A da'irar masanin falsafa Alkindi, wani Kirista mutumin Hims mai suna Ibn Na'ima ya fassara littafi aka sa masa suna Usulujiya aka ce na Aristo ne, alhali ba nasa ba ne, an tsamo shi ne daga rubutun wani masanin falsafa daban mai suna Aflutin, wanda ya zo bayan Aristo da shekara wajen ɗari shida. A cikinsa ne aka koyar cewa halitta tana kwararowa daga Na Farko mataki mataki kamar yanda haske yake fitowa daga rana, abin da ake kira faili da Larabci. Da yake an ɗauka maganar babban malami ce sai ta samu nauyi, Farabi ya gina a kai, Ibn Sina wanda ya rasu a 1037 ya ƙarasa ginin.

Ki yi wa Ibn Sina adalci, bai ce babu Mahalicci ba, cewa ya yi duniya samuwarta gaba ɗaya a hannun Allah take, ba ta da ikon samuwa da kanta ko na ƙiftawar ido. Inda ya kauce shine nan: ya ce in Allah tun azal cikakke ne, ikonsa cikakke, babu abin da yake jira, babu mai hana shi, toh me zai sa halitta ta jinkirta sannan daga baya ta faru? In ka ce a wani lokaci ne ya yi ta, me ya bambanta wannan lokacin da wanda ya gabace shi, ko wani abu ne ya canza a wurin Allah? Tunda canji ba ya halatta gare shi, sai ya yanke cewa duniya tana tare da shi tun azal yanda haske yake tare da rana. Na san nan ne ya tsaya miki, kuma ba abin kunya ba ne, hujjar ba ta yara ba ce.

Imam Gazali ya ɗauke ta a matsayin mas'ala ta farko a littafinsa Tahafutul Falasifa wanda ya gama a 1095, kuma ita ya fi daɗewa a kai. Ya ce kuskuren yana cikin misalin, rana ba ta zaɓar ta haska, dole ce a kanta, Allah kuwa mai nufi ne, kuma aikin nufi kenan, ya ware abu ɗaya daga irinsa. Ya kawo misali da dabino: mutum yana jin yunwa, ga dabino biyu a gabansa iri ɗaya sak, girma ɗaya, kyau ɗaya, nisan hannu ɗaya, kuma guda ɗaya kawai zai iya ɗauka. Zai zauna yana kallonsu har yunwa ta kashe shi don babu abin da ya fifita ɗaya? A'a, zai miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, kuma abin da ya ɗauka da shi shine nufi. Toh Allah da nufinsa na azal ya nufi duniya ta kasance da farko, ba sai wani sabon abu ya faru gare shi ba. Sannan ya ƙara da cewa shi kansa lokaci halitta ne, tare da duniya aka fare shi, don haka tambayar me ya sa ba a yi ta tun kafin nan ba, tana ɗauka akwai wani dogon zamani fanko da ake jira a cikinsa, wannan kuwa zato ne na ƙwaƙwalwa, kamar yanda take zaton akwai wani fili a bayan ƙarshen duniya.

Bai tsaya kare kai ba, ya juya musu da lissafinsu. Masana taurarin zamanin sun ce rana tana gama zagayenta a shekara ɗaya, tauraron Mushtari a shekara 12, tauraron Zuhal a shekara 30. Ki ɗauki biro ki gwada, a shekara 60 rana ta zaga sau 60, Mushtari sau 5, Zuhal sau 2. In duniya ba ta da farko, zagayen kowannensu da ya wuce ba shi da iyaka kenan, amma kuma na rana ya ninka na Zuhal sau talatin. Ta yaya abu mara iyaka zai ninka wani mara iyaka? Ga abin da nake so ki nuna wa Yaya a hankali wata rana: asalin irin wannan hujjar ta wani masanin Iskandariyya ce da Larabawa suke kira Yahaya Annahwi, kuma ta hanyar fassarar nan ta shigo Larabci. Alkindi ma, wanda ake kira failasufin Larabawa, ya yi amfani da irinta ya tabbatar da cewa duniya fararriya ce. Cutar da maganin a buhu ɗaya suka iso Bagadaza. Ba zan ɓoye miki ba, Ibn Rushd wanda ya rasu a 1198 ya zo ya yi wa Gazali raddi sakin layi bayan sakin layi, kuma masana lissafi na yanzu suna da wata magana daban a kan abu mara iyaka, don haka hujjar zagayen taurari kada ki jingina imaninki a kanta. Hujjar nufi ita ce mai ƙarfi, kuma abin da Gazali ya sa a gaba shine ya nuna masu falsafa ba su da hujja yankakkiya kamar yanda suke iƙirari, in babu ita kuwa babu abin da zai sa a bar zahirin abin da wahayi ya zo da shi.

Abin da Gazali ya yi da sauran kayan shine darasin da zai raba ki da Yaya rigima. Mas'ala 20 ya bi su a kai, uku kawai ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Sauran 17 ya ce bidi'a ne. Lissafi kuwa ya ce babu ruwansa da addini ta fuskar tabbatarwa ko korewa, har ya yi kashedi da masoyin addini jahili da zai ƙaryata lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ya ce wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Mandiƙi kuma, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, ya ɗauke shi ya sa a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa. Daga bayansa littattafan tauhidi na Ash'ariyya suka cika da wannan ma'aunin, har ya iso zaurukanmu. Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, wanda ya rasu a 1490, wadda aka daɗe ana biyawa a ƙasar Hausa, da me ta buɗe? Hukuncin hankali kashi uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi. A nan lakcaranki yana da gaskiya, ma'aunin ya bi ta hannun masu mandiƙi, amma abin da ake aunawa, siffofin Allah da manzanninsa, daga Alƙur'ani yake.

Kada ki je wa Yaya da cewa shi bai sani ba, don yana da manyan malamai a bayansa. Ibnus Salah ya yi fatawar haramta mandiƙi, Nawawi ma haka, Suyuɗi ya yi rubutu a kan haramcinsa, Ibn Taimiyya ya yi littafi guda na raddi ga masu shi, sai dai ki lura shi sai da ya karance shi ciki da bai kafin ya yi raddin. A ɗaya gefen ga Gazali, ga Shehu Magili wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare mandiƙi. Ahdari a cikin Sullam, littafinsa na mandiƙi, ya taƙaita saɓanin kashi uku, masu haramtawa, masu cewa ya kamata a koya, sannan ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyen hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Wannan sharaɗin na ƙarshe shine ainihin tsoron Yaya ko da bai faɗe shi haka ba, yana ganin amanar Baba ce ke a hannunsa, ya buɗe takarda ya ga an rubuta duniya ba ta da farko babu raddi a kusa, ni ma da ƙanwata ce sai gabana ya faɗi.

Don haka ki bar kwana biyu ransa ya huce, kada ki tare shi a gaban matarsa ko ƙanne. Ki same shi shi kaɗai ki ce Yaya na ji maganarka kuma na san don ni kake yi, kwas ɗin na dole ne ba zan gama digiri ba sai da shi, ina so ka zaɓo malamin da ka yarda da shi in riƙa kai masa duk abin da aka koya mana yana duba min. Kin ba shi hannu a cikin lamarin kenan maimakon ki ƙwace. Ki kai masa takardar tsarin kwasa-kwasan sashenku ya gani da idonsa cewa dole ne, ki nuna masa inda Gazali da Ibn Taimiyya suke a manhajar in suna ciki. In ya ƙi saurara, ki sa Umma ko wani kawu da yake jin nauyinsa su yi masa magana, kuma roƙon ya zama ƙarami, a bar ki ki gama wannan samistar a ƙarƙashin idon malamin. In duk ya ci tura, ki je wurin mai ba ajinku shawara a sashe ki tambaya ko za a iya ɗage kwas ɗin zuwa wata shekarar, wannan zai ba ki lokaci ba tare da kin rasa karatu ko Yaya ba. Abin da ban yarda ki yi ba shine ki ce masa kin ajiye alhali kina shiga aji a ɓoye, ranar da sakamako ya fito zai gani, kuma daga nan ko gaskiya kika faɗa ba zai karɓa ba.

Ke kuma a karan kanki, ki canza tsarin karatun. Kada ki ƙara karanta shubuha da daddare ke kaɗai ki rufe littafi ki kwanta a kanta. Duk hujjar da aka kawo a aji ki raba takarda biyu, dama ki rubuta matakanta ɗaya bayan ɗaya, hagu ki rubuta wane mataki aka soka da wanda ya soke shi, zaki ga yawanci mataki guda ne yake ɗauke da nauyin duka, kamar yanda ta Ibn Sina ta rataya a kan ɗaukar Allah kamar rana mara zaɓi. Ki samu Almunƙizu minad Dalal na Gazali, ƙarami ne, a nan ya ba da labarin shakkar da shi kansa ya shiga wajen wata biyu da yanda Allah ya fitar da shi, ki karanta shi tare da malamin da Yaya ya zaɓa. Ki je ofis ɗin lakcaranki da ladabi ki ce Malam an ba mu hujjar Ibn Sina, ina zan samu raddin da aka yi mata, malamin kirki zai ji daɗin tambayar. In tunanin ya faɗo miki a sallah kada ki tsaya gardama da shi a tsakiyar raka'a, ki nemi tsari ki ci gaba da karatunki, lokacinsa yana kan tebur da rana.

In bayan wata guda kin ga abin ya wuce tambaya guda ya koma kina maimaita kalmar shahada sau da yawa don tsoron kin fita, ko kina sake sallah, ko barci da abinci sun gagara, wannan waswasi ne da yake buƙatar likita tare da malami, ki gaya wa Umma ku je asibiti. Ki sake rubuto min bayan kun zauna da Yaya, ki faɗa min malamin da ya zaɓa da abin da ya ce a kan dabino biyun nan.